Buhun da ba shi da shaida: haɗa suwici biyu da gyara saɓanin VLAN ɗan gida

A wata damina tsawa ta faɗi kusa da wata makarantar sakandare da nake kula wa da kwamfutoci. Da gari ya waye aka tarar suwicin ginin baya ya ƙone. Suwici shi ne akwatin nan mai jerin ƙofofi da wayoyin kwamfutoci ke shiga, shi ke karɓar saƙo daga wannan na'ura ya miƙa wa waccan. Aka samo wani irinsa, ƙirar Cisco Catalyst 2960, yaron da ke koyon aiki a hannuna ya ɗaura shi, ya saita, fitilu suka kama kore shar.

Kafin azahar ya kira ni.

"Oga, abin ya ɗaure mini kai. Ɗakin kwamfutar ɗalibai yana aiki lafiya lau, amma ofishin malamai da ke gini ɗaya da shi ko motsi. Malamin jarrabawa yana tsaye a kaina, ya ce yau zai shigar da sakamako."

Na tambaye shi ko ya canja waya. Ya ce ya canja har sau biyu. Na ce ya bar wayar ta huta, ba ta da laifi. Waya ɗaya ce tak ta haɗa ginin gaba da na baya, kuma ta cikinta saƙon ɗalibai da na malamai duk suke bi. Da ita ce ta lalace, da kowa ya tsaya. Tunda wasu na wucewa wasu ba sa wucewa, matsalar tana wajen yadda suwicin biyu suka fahimci abin da ke bi ta wayar.

Gida ɗaya, sassa uku

Makarantar ba ta son kwamfutar ɗalibi ta iya leƙa sabar da ake ajiye sakamako da lissafin kuɗin makaranta. Sayen suwici daban da jan waya daban ga kowane rukuni kuwa tsada ne. Abin da ake yi shi ne a raba suwici ɗaya gida-gida daga ciki, kamar yadda ake ja katanga a babban gida kowane magidanci ya sami sashensa. Kowane sashe shi ake kira VLAN, kuma lamba ake ba shi. A wannan makaranta 10 na malamai ne, 20 na ɗalibai, 30 kuma na masu kula da na'urorin. Kwamfutar da ke sashe na 20 ba ta jin abin da ake faɗa a na 10, ko da ƙofofinsu suna maƙwabtaka a jikin akwati ɗaya.

Ƙofar da kwamfuta ke shiga ta sashe ɗaya ce kawai, a allo za ka ga an rubuta mata `access`. Kwamfutar ba ta ma san da wani VLAN ba. Suwicin ne ya san cewa duk abin da ya shigo ta ƙofa ta biyar, alal misali, na malamai ne.

Inda aiki yake shi ne tsakanin gini da gini. Akwai malamai a gaba, akwai a baya, haka ma ɗalibai, waya kuwa ɗaya ce. Ƙofar da ke ɗaukar kayan sassa da yawa a waya ɗaya ita ce tiranki, wadda ake rubutawa `trunk`. Duk wanda ya taɓa aika kaya ta tasha ya san dabarar. Mota ɗaya ke ɗaukar buhunan 'yan kasuwa goma, amma kowa ya yi wa nasa shaida kafin a loda, idan an isa a duba shaida a sauke wa kowa nasa. Haka suwici ke yi. Bayani yana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kuma kafin ƙunshi ya hau tiranki sai a liƙa masa shaida mai ɗauke da lambar sashensa. Suwicin da ke can ƙarshen ya karanta, ya cire shaidar, ya kai ƙunshin inda ya dace.

Ƙa'idar wannan shaida sunanta 802.1Q, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ita a 1998. Shaidar ƙarama ce, bayit 4 kacal, kuma bit 12 daga ciki ne ke ɗauke da lambar. Bit 12 na ba da lambobi 4096, an keɓe ta farko da ta ƙarshe, shi ya sa lambar VLAN ke farawa daga 1 ta tsaya a 4094.

Sashen da ke tafiya ba shaida

A cikin duk sassan da ke hawa tiranki, akwai guda ɗaya da aka yarje wa tafiya ba tare da shaida ba. A allo ana rubuta shi `native`, ni kuwa ɗan gida nake kiransa, don shi ne ba a tambayarsa takarda a bakin ƙofa. An bar wannan dama ne saboda na'urorin da ba su iya karanta shaida ba, don su ma su iya magana a kan wayar.

Dokar ɗan gida fuska biyu gare ta. Idan suwici zai tura ƙunshin wannan sashe, sai ya tura shi haka nan, ba alama. Idan kuma ƙunshi ya iso masa ba alama, ba ya tambayar daga ina, sai ya zuba shi a sashen da shi kansa ya sani a matsayin ɗan gida. Kamar dai a ce an yi da direba cewa duk buhun da ba shaida na Alhaji mai motar ne. Muddin mai lodi da mai saukewa sun san wannan magana, lafiya ƙalau. Amma idan mai lodi yana ganin buhu marar shaida na Alhaji ne, mai saukewa kuma an gaya masa na wani ne daban, to kaya za su tafi gidan da ba nasu ba, kuma kowannensu zai rantse ya yi aikinsa daidai. Ba abin da ke jikin buhun da zai raba gardama, domin yarjejeniyar a bakin mutum biyu take.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai wannan sana'a ya riƙe. Lambar ɗan gida ba ta tafiya tare da ƙunshi. Tana zaune ne a saitin ƙofa biyu, ɗaya a nan ɗaya a can, kuma ba wanda zai daidaita su sai mutum.

Suwicin Cisco yana fitowa daga kamfani da 1 a matsayin ɗan gida. A makarantar nan, wanda ya fara kafa tsarin shekarun baya ya mai da shi 10 a duka gefen biyu, komai ya tafi daidai har ranar tsawar. Sabon akwati ya zo da 1 ɗinsa. Yaron ya ƙirƙiri sassan uku, ya raba ƙofofi, ya mai da ƙofar haɗi tiranki, duk ya yi daidai. Layi ɗaya ne bai rubuta ba, don bai taɓa ganin saitin tsohon ba, kuma ba a ajiye kwafinsa ko'ina ba.

Abin da ya faru a cikin wayar

Mu kira na ginin gaba SW1, na baya SW2, kamar yadda sunayensu suke a allo. Sabar makaranta da na'urar da ke raba adireshi duk a gaba suke.

Ƙunshin ɗalibai yana fita daga SW1 da shaidar 20, ya isa SW2 a karanta 20, a kai wa ɗalibai. Dawowa ma haka. Shi ya sa ɗakinsu bai ji komai ba. Ƙunshin malamai kuwa SW1 yana sakinsa ba shaida, tunda a wurinsa 10 ne ɗan gida. Da ya isa SW2 sai a ce ga marar shaida, a jefa shi sashe na 1. Malaman ginin baya suna sashe na 10 suna jira, amsarsu tana sauka a wani sashen. Kwamfutar malamin jarrabawa ta nemi adireshi ba ta samu ba, sai ta ba kanta wanda ke farawa da `169.254`, wanda shi ne alamar kwamfutar da ta yi sallama ba a amsa ba.

Ɗaya ɓangaren ya fi wannan haɗari. Duk ƙofar da ba a saita ba a sabon suwici tana sashe na 1 ne. Idan ɗalibi ya soka laftof a irin wannan ƙofa, ƙunshinsa zai bar SW2 ba shaida, SW1 ya karɓe shi a matsayin na malamai, amsa kuma ta dawo masa ta hanya ɗaya. Katangar da aka gina don tsare sakamako ta sami kafa ke nan, ba tare da an fasa komai ba.

A wannan makaranta abin bai kai ga haka ba, kuma ga dalili. Suwicin Cisco suna aika wa juna wani ɗan saƙo duk daƙiƙa 2, na tsarin da ke hana hanyoyi yin zobe, kuma a tsarin nasu saƙon kowane sashe yana ɗauke da lambar sashen a cikinsa. Da SW1 ya karɓi saƙo a sashe na 10, ya buɗe ya ga an rubuta 1 a ciki, sai ya gane an sami saɓani, ya rufe sassan biyu a wannan ƙofa ya bar sauran suna wucewa. Wato tsayawar da malamai suka yi, suwicin ne ya tare hanya da gangan don kada sassa biyu su gauraya. Inda gefe ɗaya na wani kamfani ne, ko an kashe wannan tsaro, ba lalle a sami mai tarewa ba, gaurayar tana iya daɗewa ba wanda ya lura.

Yadda ake gane shi

Da na isa, na soka wayar konsol a SW1, na buɗe PuTTY a gudun 9600. Ban jima ba wannan layi ya faɗo:

```
%CDP-4-NATIVE_VLAN_MISMATCH: Native VLAN mismatch discovered on
GigabitEthernet0/1 (10), with SW2 GigabitEthernet0/1 (1).
```

Layin ya faɗi komai. Ƙofar nan tana cewa 10, maƙwabciyarta tana cewa 1. CDP wata hanya ce da na'urorin Cisco ke gabatar da kansu ga maƙwabta duk daƙiƙa 60, shi ya sa gargaɗin ke ta maimaituwa. Amma gargaɗi kawai yake yi, ba ya gyara komai kuma ba ya rufe komai. Wanda ya shigo daga nesa ba zai ga saƙon yana faɗowa ba sai ya rubuta `terminal monitor`, ko ya duba na baya da `show logging`. A nan na ga shaidar rufewar:

```
%SPANTREE-2-BLOCK_PVID_PEER: Blocking GigabitEthernet0/1 on VLAN0001.
%SPANTREE-2-BLOCK_PVID_LOCAL: Blocking GigabitEthernet0/1 on VLAN0010.
```

Ko da babu waɗannan saƙonni, umarni ɗaya ya isa, in dai an buga shi a gefe biyu: `show interfaces trunk`. A SW1 layin farko ya nuna haka:

```
Port   Mode  Encapsulation  Status    Native vlan
Gi0/1  on    802.1q         trunking  10
```

A SW2 komai iri ɗaya ne, sai lambar ƙarshe da ta zama 1. Yaron ya buga wannan umarni tun da safe, ya ga kalmar `trunking`, hankalinsa ya kwanta. Gaskiya ya gani, tiranki ya tashi. Sai dai gefe ɗaya ya duba, shi kuwa saɓani ba a ganinsa a gefe ɗaya. A ƙasan wannan fitarwa akwai jerin sassan da ke wucewa a zahiri, kuma a SW1 20 da 30 ne kawai a ciki. Wanda ke son ƙarin tabbaci sai ya buga `show spanning-tree inconsistentports`, zai ga ƙofar da sassan da aka tare.

Gyaran gaggawa da gyaran ƙwarai

Layi ɗaya a SW2 zai iya sallamar malamin jarrabawa: a mai da ɗan gida 10, kamar yadda yake a da. Amma ban so mu koma gidan jiya ba. Bai kamata sashen da ke ɗauke da sakamako da kuɗi ya zama shi ne ke yawo ba shaida ba, domin duk ranar da aka sake canja akwati, shi ne zai fara ɓata. Akwai kuma wata tsohuwar dabarar masu kutse: wanda ƙofarsa ke cikin sashen ɗan gida yana iya liƙa wa ƙunshi shaida biyu, suwicin farko ya cire ta waje, na biyu ya karanta ta ciki ya kai shi sashen da ba a yarda ya shiga ba. Maganin duka biyun ɗaya ne. A ƙirƙiri sashe na musamman wanda ba kwamfuta ko ɗaya a cikinsa, a ba shi matsayin ɗan gida. Idan buhu marar shaida ya zo, sai ya faɗa ɗakin da ba kowa. Mun zaɓi 999.

Da farko sassan su kasance a duka suwicin biyu, domin suwici ba ya wuce da kayan sashen da bai sani ba:

```
configure terminal
vlan 10
 name MALAMAI
vlan 20
 name DALIBAI
vlan 30
 name KULA
vlan 999
 name BA_KOWA
```

Sannan ƙofar haɗi, da layuka iri ɗaya a nan da can:

```
interface GigabitEthernet0/1
 switchport mode trunk
 switchport trunk native vlan 999
 switchport trunk allowed vlan 10,20,30,999
 switchport nonegotiate
end
```

Layin `mode trunk` yana kafa ƙofar a kan tiranki ba ciniki. Idan aka bar ta yadda ta zo, 2960 tana jira ne ɗayan gefen ya fara tayi, idan kuma duka biyun jira suke, tiranki ba zai tashi ba sam. Layin `nonegotiate` yana hana ta aika saƙon cinikin gaba ɗaya. A wasu tsofaffin ƙira irin su 3560 da 3750 sai an fara rubuta `switchport trunk encapsulation dot1q` kafin su karɓi umarnin tiranki, saboda sun san wata tsohuwar hanyar Cisco mai suna ISL, suna so a zaɓa musu. Ita 2960 ba ta san wannan layi ba, za ta ƙi shi, kuma ba matsala ba ce.

Layin `allowed` shi ne jerin waɗanda aka yarda su hau motar, kuma yana da tarko. Idan gobe aka buɗe sashe na 40 ka rubuta `switchport trunk allowed vlan 40`, ba ƙari ka yi ba, ka share jerin ne ka bar 40 shi kaɗai. Mai son ƙari sai ya sa kalmar `add` kafin lambar. Wanda ya manta ta yana aiki daga nesa ya yanke igiyar da yake rataye a kanta, sai ya taka da ƙafarsa ya je da wayar konsol. Saboda irin wannan ne ma ake fara saita na nesa kafin na kusa, idan ta cikin wayar da ake gyarawa ake isa gare shi.

Mu da yake muna tsaye a gaban SW1, da shi muka fara. Bayan ɗan jira, wanda a tsohon tsarin hana zobe yakan kai daƙiƙa 30 ko ya ɗan fi, sai muka ji malamin jarrabawa yana cewa alhamdu lillahi daga taga. Yaron ya fara naɗe waya.

"Oga, ai ya tashi."

"Malamai sun tashi," na ce masa. "Je ka duba na baya ka faɗa mini lambar ƙarshe."

Ya dawo ya ce har yanzu 1 ce. Abin da ya faru shi ne, da 10 ya daina zama ɗan gida a SW1, ƙunshin malamai ya fara tafiya da shaidarsa, don haka ya isa. Saɓanin kuwa yana nan, ya koma tsakanin 999 da 1 ne kawai, inda ba mai ƙorafi. Da mun tafi a haka, da mun bar rami a rufe da tabarma. Muka shiga SW2 muka rubuta layukan nan, muka sake buga `show interfaces trunk` a gefe biyu: 999 a nan, 999 a can, sassa huɗu duk suna wucewa. Muka zauna minti uku muna kallon allo, gargaɗin CDP bai sake fitowa ba.

Gwajin ƙarshe da hannu muka yi shi. A kwamfutar malami `ipconfig` ya nuna adireshi mai farawa da `192.168.10`, ta ɗalibi `192.168.20`. Muka soka laftof a ƙofar da ba a saita ba, bai sami komai ba, kuma haka ake so. Daga baya muka kashe irin waɗannan ƙofofi da `shutdown`.

Sai adanawa. Saitin ƙofofin da aka rubuta yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ne, ana ɗauke wuta ya tafi, kuma a wurinmu ba sai an jira dogon lokaci ba kafin a ɗauke. A kowane suwici muka buga:

```
copy running-config startup-config
```

Kafin mu fita na sa yaron ya kwafe saitin duka biyun zuwa fayil, ya buga a takarda, aka sa ɗaya a ofishin shugaban makaranta. Ya kuma yanki farar takarda mai gam ya liƙa a jikin wayar haɗin, a kowane ƙarshe, ya rubuta lambobin sassan da ke bi ta cikinta, a ƙasa ya ƙara da babban baƙi: ɗan gida 999. Damina za ta sake zuwa, kuma wanda zai canja akwati na gaba mai yiwuwa ba mu ba ne. Idan ya durƙusa zai soka wayar, lambar da ƙunshi ba ya ɗauke da ita tana nan a gaban idonsa.